Lambar da Ake Ja wa Layi: Nazarin Rubuta Hanyar Aiki da Sakamako a Rahoton Sauya Bakteriya

A ƙarshen kusan kowane rahoto da ɗalibai ke kawo mini bayan gwajin sauya bakteriya akwai wata lamba da aka ja wa layi biyu. Ita ce ke nuna yawan ƙwayoyin da suka karɓi baƙon DNA a kan kowane maikurogiram da aka zuba musu, kuma ita ake kira ingancin sauyi. Daga wannan lambar nake fara karatu. Idan na gan ta sai in koma baya, in nemi kowane adadi da aka haɗa aka same ta. Wasu adadin wurinsu sashen sakamako, wasu kuma wurinsu sashen hanyar aiki. Sau da yawa nakan tarar rabinsu babu su a ko'ina cikin takardar, ma'ana lambar tana tsaye ba ƙafa. Abin da nake so in nuna a wannan nazari shi ne cewa waɗannan sassa biyu bashi ɗaya suke biya: su ba mai karatu damar ya sake lissafa lambar da kansa, ya kuma yanke hukunci ko ta cancanci a yarda da ita.

Zan tsaya a kan gwaji ɗaya, wanda aka fi yi a azuzuwan koyon aiki, wato shigar da filasmid mai suna pGLO cikin *Escherichia coli* nau'in HB101. Filasmid ɗan zoben DNA ne mai zaman kansa a cikin ƙwayar bakteriya. Wannan na pGLO yana ɗauke da abubuwa uku da suka shafe mu. Akwai ƙwayar gado `bla`, wadda ke sa bakteriya ta samar da sinadarin da ke lalata maganin amfisilin. Akwai ƙwayar gadon GFP, furotin mai ƙyallin kore wanda asalinsa daga wata halittar teku ce mai suna *Aequorea victoria*. Sai `araC`, wadda furotin ɗinta ke riƙe da makunnin GFP, ba ya bari ya kunnu sai an sami sukarin arabinos a abincin ƙwayoyin. Dabarar jiƙa ƙwayoyin *E. coli* a ruwan CaCl₂ mai sanyi don su karɓi DNA ta samo asali daga aikin Mandel da Higa na 1970, sannan Cohen da Chang da Hsu suka nuna a 1972 cewa tana aiki da filasmid. Wannan tarihin wurinsa gabatarwar rahoto, kuma na kawo shi ne kawai don in ce kada ya tsallako cikin sassan da muke magana a kansu.

Tsakanin "a zuba" da "an zuba"

Takardar umarnin da ake raba wa ɗalibai kafin su shiga ɗakin gwaji tana magana ne da harshen umarni: a zuba, a jira, a tsoma. Sashen hanyar aiki kuwa labari ne na abin da ya riga ya faru: an zuba, an jira, an tsoma. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma na farko niyya ce, na biyu shaida ce. Ko da Turanci ɗalibi zai rubuta rahotonsa, kamar yadda aka saba a jami'o'inmu, wannan bambancin yana nan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ɗauki takardar umarni ya juya kowane "a" ya koma "an", ba tare da ya tambayi kansa ko haka aka yi ba.

Na taɓa ganin wannan ƙarara. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, an ɗauke wuta cikin dare bayan mun sa faranti a akwatin ɗumi, ba a kuma tayar da janareta ba sai da safe. Da muka buɗe akwatin, ma'aunin zafin da ke ciki ya sauka sosai, ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro kuma ƙanana ne kamar kan allura. Muka bar su suka ƙara yini guda kafin a ƙirga. Da rahotanni suka zo, kusan dukkansu sun rubuta cewa an ajiye faranti a digiri 37 na tsawon dare ɗaya. Ɗaliba guda ce ta rubuta cewa wuta ta yanke, ba a san tsawon lokacin da zafin ya yi ƙasa ba, kuma an ƙirga ne bayan awa 40. Rahotonta kaɗai ne ya iya bayyana dalilin ƙananan ɗigon da suka kewaye manya a farantinta, abin da zan dawo kansa nan gaba. Sauran ba ƙarya suka yi niyya ba. Sun ɗauka cewa abin da malami ke so ya gani shi ne an bi umarni daidai, alhali abin da yake nema shi ne ya san abin da ya sami ƙwayoyin.

Ga yadda sakin layin hanyar aiki zai kasance a wani misali da zan bi har ƙarshe. Adadin sun yi daidai da tsarin da aka saba bi a wannan gwajin:

"An ɗebo koloni ɗaya na *E. coli* HB101 daga farantin LB mai kwana ɗaya, aka narkar da shi a cikin 250 µl na CaCl₂ mai ƙarfin 50 mM da ke kan ƙanƙara. An yi haka a bututu biyu. A na farko (+pGLO) an ƙara 10 µl na filasmid mai ƙarfin 0.08 µg/µl ta hanyar madaukin roba. A na biyu (−pGLO) ba a ƙara komai ba. An bar su a kan ƙanƙara minti 10, aka tsoma su a ruwa mai zafin digiri 42 na daƙiƙa 50, aka mayar da su kan ƙanƙara minti 2. An ƙara 250 µl na ruwan LB a kowanne, aka bar su minti 10 a zafin ɗaki, wanda ya kasance digiri 31. An shafa 100 µl a kan kowane faranti: daga +pGLO zuwa LB/amp da LB/amp/ara, daga −pGLO zuwa LB/amp da LB. Ƙarfin amfisilin a farantan 100 µg/ml ne, kuma an zuba su kwana uku kafin gwajin. An kife su a digiri 37 na awa 18, aka ƙirga, sannan aka duba su da fitilar UV a cikin duhu."

Sakin layin gajere ne, ba a ambaci wanke hannu ko rubuta suna a jikin bututu ba, domin waɗannan ba sa canza lambar ƙarshe. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne su tambayi kansu game da kowane abu: da an yi shi dabam, shin yawan ɗigon da ke kan farantin zai iya canzawa? Idan amsar i ce, ya shiga. Bari mu auna wasu daga cikin abubuwan da suka shiga.

Ƙarfin filasmid shi ne adadin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi kowane tsada. Ɗalibi zai rubuta "an ƙara 10 µl na filasmid" ya wuce. To amma maikurolita goma awon ruwa ne, ba ya gaya maka yawan DNA da ke ciki. Idan mai kula da ɗakin gwaji ya tsarma filasmid ɗin don ya ishi aji mai yawa, abin da ke faruwa a wuraren da kayan aiki ke da tsada, to ƙarfin da ke takardar umarni ya daina aiki. Wajibi ne ɗalibi ya karanta abin da aka rubuta a jikin bututun, ko ya tambaya, ya rubuta a littafinsa tun yana tsaye a gaban tebur. Haka kuma abin da aka auna da shi yana da muhimmanci. Madaukin roba yana ɗaukar kimanin 10 µl ne kawai idan ruwan ya yi fatar da ta rufe zoben gaba ɗaya, kamar yadda kumfar sabulu ke rufe zobe. Idan fatar ta fashe kafin a kai bututu, abin da ya shiga kaɗan ne. Wanda ya yi amfani da fifet mai awo yana da tabbacin da mai madauki ba shi da shi, don haka mai karatu yana da haƙƙin ya san wanne ne.

Sai maganar "zafin ɗaki". Waɗanda suka tsara irin waɗannan takardun umarni suna nufin wajen digiri 20 zuwa 25. Ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu yana iya haura digiri 35, a lokacin hunturu kuma ya sauka ƙasa sosai da safe. Minti goman nan na hutu a cikin LB lokaci ne da ƙwayoyin da suka karɓi filasmid ke fara ƙera sinadarin kare kansu kafin su haɗu da amfisilin, kuma saurin aikin ya dogara da zafi. Don haka kalmar "zafin ɗaki" ba adadi ba ce a wurinmu sai an duba ma'auni an rubuta. Tsawon hutun ma haka. Ƙwayar *E. coli* da ke cikin abinci mai kyau a digiri 37 tana iya rabuwa biyu a kimanin minti 20. Idan ƙungiya ta bar bututunta ya daɗe ƙwarai saboda jiran layi a wurin faranti, wasu ƙwayoyin da suka sauya na iya rabuwa kafin a shafa su, sai ƙwaya ɗaya ta haifar da ɗigo biyu, lambar ta kumbura ba tare da wani ƙarin DNA ya shiga ba.

Game da bugun zafi, abin da ake so a rubuta shi ne zafin da ma'auni ya nuna a lokacin da aka tsoma bututu. Idan ƙungiyoyi goma suka tsoma kayansu masu sanyi a ƙaramin baho ɗaya a jere, ta ƙarshe ba a digiri 42 ta tsoma ba. Tazarar da ke tsakanin kwanon ƙanƙara da bahon ma tana da tasiri, domin ana so sauyin daga sanyi zuwa zafi ya zo farat ɗaya. Wanda ya ɗauki bututu a hannu ya ratsa ɗaki da shi ya riga ya ɗumama shi a hanya.

Abu ɗaya da ba ya shiga wannan sashe shi ne dalili mai tsawo. Bayanin cewa kalsiyam yana rage turjiyar da ke tsakanin DNA da fatar ƙwaya, saboda dukkansu suna ɗauke da caji iri ɗaya, bayani ne mai kyau, amma wurinsa gabatarwa. Jimla guda da ke faɗin aikin kowane faranti ba laifi ba ce.

Faranti huɗu, tambayoyi huɗu

Washegari ɗalibi zai ɗauko farantansa. Yadda ake ƙirga shi ne a kife farantin, a ɗaga shi wajen haske, a riƙa ɗiga alƙalamin maka a bayan kowane ɗigo ana ƙirgawa don kada a maimaita. Kowane ɗigo, wanda ake kira koloni, tarin miliyoyin ƙwayoyi ne da ake ɗauka sun fito daga ƙwaya ɗaya. A misalinmu ga abin da aka samu:

| Faranti | Tsiro | Yawan koloni | Launi a hasken ɗaki | A ƙarƙashin UV |
|---|---|---|---|---|
| −pGLO, LB | shimfiɗa | ba ya ƙirguwa | fari-fari | babu ƙyalli |
| −pGLO, LB/amp | babu | 0 | — | — |
| +pGLO, LB/amp | ɗigo-ɗigo | 148 | fari-fari | babu ƙyalli |
| +pGLO, LB/amp/ara | ɗigo-ɗigo | 172 | fari-fari | kore mai ƙyalli |

Idon ɗalibi yana tafiya kai tsaye zuwa layin ƙarshe, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya taɓa kashe fitila ya haska farantin ya ga ɗigon nan sun kama da kore ya san daɗin abin. Sai dai a rubutu na fi so a fara da layuka biyu na sama, waɗanda nake kira farantan shaida, domin su ne ke ba na ƙasa ma'ana. Farantin LB da ya cika da shimfiɗa yana shaida cewa ƙwayoyin sun rayu bayan sanyi da zafin da suka sha. Farantin LB/amp da ya fito fayau yana shaida cewa maganin yana aiki, kuma ƙwayoyin ba su da kariya daga gare shi tun asali. Sai bayan waɗannan biyun sun tabbata ne ɗigo 148 ke zama hujjar cewa filasmid ya shiga. Faranti na uku kuma shi ne shaidar na huɗu: ƙwayoyin bututu ɗaya ne, filasmid ɗaya ne, arabinos kaɗai ya raba su.

Akwai ƙananan abubuwa a jadawalin da suka cancanci a tsaya a kansu. Sifili sakamako ne, kuma dole a rubuta shi da lamba. Gurbin da aka bari babu komai yana iya nufin ba a duba ba. Shimfiɗa kuwa ba a ba ta lamba. Na ga ɗaliban da suka rubuta "1000" ko "miliyan ɗaya" a wannan gurbin don kada ya zauna wayam, alhali ba wanda ya ƙirga. A al'adar masu wannan ilimi, farantin da ake amincewa da ƙirgarsa shi ne mai ɗigo tsakanin 30 da 300: ƙasa da haka sa'a ta yi yawa a cikin lambar, sama da haka ɗigon suna haɗewa. An kuma raba launi gida biyu, domin "kore" kaɗai ba ya gaya wa mai karatu a wane haske aka gani.

Rubutun da ke rakiyar jadawalin bai kamata ya sake karanta shi layi-layi ba. Aikinsa ya ɗaga abin da ya fi muhimmanci: "Ƙwayoyin da ba a ba filasmid ba sun tsiro a LB amma ba su tsiro a LB/amp ba. Waɗanda aka ba filasmid sun ba da koloni a farantan amfisilin biyu, kuma ƙyallin kore ya bayyana ne kawai a farantin da ke da arabinos (Jadawali na 1)." A lura ba a ce "saboda arabinos ya kunna GFP" ba. Ɗalibin bai ga makunni yana kunnuwa ba, kore ya gani. Fassarar daidai ce, amma ta jira sashen sharhi. Wannan rarrabewar tana da amfani na zahiri: idan fassarar ta zama kuskure wata rana, abin da aka gani yana nan tsaf, wani zai iya sake fassara shi. Idan an haɗa hoto, a sa masa bayanin da ya faɗi wane faranti ne, awa nawa bayan shafawa, da irin hasken da aka ɗauka da shi.

Lissafin

Yanzu mun iso ga lambar. Tambayar ita ce: DNA nawa ne ya isa kan farantin da aka ƙirga? Ba dukkan abin da aka zuba a bututu ne ya je can ba.

```
DNA a bututu  = 10 µl × 0.08 µg/µl  = 0.8 µg
Jimlar ruwa   = 250 + 10 + 250      = 510 µl
Kason faranti = 100 / 510           = 0.196
DNA a faranti = 0.8 × 0.196         = 0.157 µg
Inganci       = 172 / 0.157         ≈ 1.1 × 10³ koloni/µg
```

A dubi layuka ukun farko. Babu adadi ko ɗaya a cikinsu da ya fito daga sashen sakamako. Goma, da 0.08, da 250 sau biyu, da 100, duk daga hanyar aiki aka ɗauko su. Lamba 172 kaɗai ce ido ya gani. Wannan ne dalilin da ya sa na ce sassan biyu bashi ɗaya suke biya.

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba 172 da 0.8 kai tsaye, a sami 215. Wannan ya gaza gaskiya kusan sau biyar, domin an ɗora wa faranti ɗaya DNA ɗin bututu gaba ɗaya. Idan ɗalibi ya nuna matakansa, zan ga inda ya zame a cikin daƙiƙa kaɗan, in gyara, sauran aikinsa ya tsira. Idan kuwa 215 kawai ya rubuta ya ja mata layi, ba ni da hanyar sanin ko lissafi ne ya ɓaci ko gwajin ne bai yi kyau ba. A ɗauka kuma an tsarma filasmid ɗin zuwa 0.03 µg/µl ba tare da ɗalibin ya rubuta ba. DNA a faranti zai zama 0.059 µg, inganci ya koma kimanin 2.9 × 10³. Faranti ɗaya, ƙirga ɗaya, amma amsar ta kusa ninka uku, kuma babu abin da ke cikin jadawali da zai tona wannan.

Na'urar lissafi za ta ba da 1095.5 da wasu lambobi a bayanta, kuma ɗalibai na son kwashe su duka. Awon da aka yi da madauki ba zai ɗauki wannan nauyin ba. Lambobi biyu masu ma'ana sun isa: 1.1 × 10³. Kada kuma a bar lambar tsirara ba tare da "koloni a kowane maikurogiram" ba.

Farantin +pGLO LB/amp ya ba da 148, wanda ya zama kimanin 9.4 × 10². A nan ne wasu ke rubuta cewa arabinos ya ƙara ingancin sauyi, tun da 172 ya fi 148. Akwai matsala biyu. Ta farko, sauyin ya riga ya faru a cikin bututu kafin ƙwayoyin su taɓa arabinos. Ta biyu, ƙirga irin wannan tana da kai-kawo na ɗabi'a wanda ya yi kusa da tushen murabba'in lambar. Ga lamba wajen 160, wannan kimanin 13 ne sama ko ƙasa, tun kafin a sa kuskuren awo. Bambancin 24 tsakanin faranti biyu yana cikin abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, musamman idan ba a girgiza bututun ba kafin ɗiba ta biyu, tun da ƙwayoyi suna kwantawa ƙasa. Abin da ya dace shi ne a kawo lambobin biyu, a ba da matsakaicinsu, wato 160, wanda ya ba da kimanin 1.0 × 10³. A kuma faɗa a fili cewa farantan biyu daga bututu ɗaya suka fito. Ba maimaita gwaji sau biyu aka yi ba, ɗiba biyu aka yi daga gwaji ɗaya. Idan an haɗa da sakamakon sauran ƙungiyoyin aji, to waɗannan su ne maimaici na gaskiya, kuma a nan ne za a ga yadda lambar ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Wani lokaci ɗalibi kan karanta cewa ƙwayoyin da kamfanoni ke sayarwa suna ba da 10⁸ ko 10⁹, sai ransa ya ɓaci ya rubuta cewa gwajinsa ya gaza. Waɗancan an shirya su ne da wasu hanyoyi na musamman, ana kuma auna su da ɗan mitsitsin DNA na ƙaramin filasmid irin pUC19. Idan DNA ya yi yawa ƙwayoyin kan ƙoshi, ƙarin da aka zuba ba ya ƙara ɗigo daidai da yawansa, sai lambar kowane maikurogiram ta faɗi. Dubu ɗaya ko 'yan dubbai shi ne abin da ake sa rai daga koloni da aka ɗebo daga faranti aka narkar a CaCl₂.

Idan farantin ya ƙi

Rahoton da ya fi koya wa ɗalibi rubutu shi ne na ranar da abu ya ɓaci. A ce farantin −pGLO LB/amp, wanda ya kamata ya fito fayau, ya tsiro. Ruwa ba ya tsami banza, kuma siffar tsiron ita ce ke nuna inda za a duba. Shi ya sa "ya tsiro" kawai bai isa ba. Idan shimfiɗa ce ta rufe shi baki ɗaya, kuma farantan +pGLO ma haka suke, zargi ya fi karkata ga maganin. Amfisilin ba ya jure zafi: idan aka zuba shi a cikin aga kafin ta huce zuwa wajen digiri 50, ko farantan suka daɗe a ajiye, ko firij ɗin da suke ciki ya yi ta mutuwa yana tashi, ƙarfinsa yana raguwa. A nan ne jimlar nan ta hanyar aiki mai cewa "an zuba su kwana uku kafin gwajin" ke yin amfaninta. Idan shimfiɗar a wannan farantin kaɗai take, yayin da na LB ya fito fayau, wataƙila an musanya sunayen farantan ne. Idan kuwa 'yan ɗigo ne warwatse, masu girma irin na farantin +pGLO, sai a yi tunanin filasmid ya tsallaka, misali ta madauki ɗaya da aka tsoma a bututu biyu. Wannan ana iya gwada shi: a ɗebi ɗigo ɗaya a shafa a farantin da ke da arabinos, idan ya yi ƙyalli washegari an gano bakin zaren.

A duk waɗannan, sashen sakamako zai faɗi abin da aka gani da siffarsa da yawansa, ya bar zargin ga sashen sharhi. Amma akwai hukunci ɗaya da ba ya jira. Idan maganin bai yi aiki ba, ɗigon da ke farantan +pGLO ba hujjar sauyi ba ne, kuma ba a lissafa inganci daga gare su. Gara a rubuta "ba a lissafa inganci ba saboda farantin shaida ya tsiro" da a fito da lamba mai kyan gani.

Ƙananan ɗigon da na ambata a farantin ɗalibar nan wata matsala ce dabam. Koloni da ya karɓi filasmid yana lalata amfisilin da ke kewaye da shi. Idan farantin ya daɗe a ɗumi fiye da kima, ƙwayoyin da ba su sauya ba amma ba su mutu ba sai su sami fili a wannan da'irar su fara tsiro, su fito ƙanana-ƙanana zagaye da babban, kamar 'yan tsaki a gindin kaza. Ba a ƙirga su. A farantin arabinos ana gane su cikin sauƙi, domin babban yana ƙyalli su kuwa ba sa yi. A farantin LB/amp girma da wurin zama ne kaɗai ke bambanta su, don haka ɗalibi ya rubuta ƙa'idar da ya bi wajen ƙirga a hanyar aiki, ya kuma ambaci kasancewarsu a sakamako. Ita ɗalibar haka ta yi: ta kawo yawan manyan a jadawali, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa ta bar ƙananan da ba sa ƙyalli, ta kuma mayar da mai karatu ga awa 40 ɗin da ta riga ta ambata a baya.